Rage wa waya rangwaɗa ba ƙara mata ƙarfi ba ne

Yayata tana sayar da wake da shinkafa a Nima, kuma rabin cinikinta yanzu a waya yake. Masu ofis su turo saƙo a ajiye musu, mai kawo mata shinkafa ya jira ta tura masa kuɗinsa ta manhajar banki. A watan jiya wayar ta ishe ta da nawa, ta hau mota ta kai ta kasuwar waya da ke shataletalen Kwame Nkrumah. Wani mai gyara ya karɓa, ya juya mata baya kamar minti biyar, ya dawo da ita ya ce ya ƙara mata gudu. Ya karɓi sidi 50. Ta dawo gida tana murna, ta miƙo mini ta ce, "Kai ɗan boko, taɓa ka ji. Kamar sabuwa."

Na taɓa, kuma gaskiya ne, tana amsa yatsa nan take. Amma ina gani na san abin da ya yi, domin ni ma na yi wa tawa shekaru da suka wuce. Bai sa mata komai ba, bai cire mata komai ba. Ya shiga wani ɓoyayyen saiti ne ya kashe rangwaɗar da allo yake yi, aikin da ba ya cin minti ɗaya kuma ba ya cin ko kwabo. Ba na cewa dabarar ƙarya ce. Tana da amfani, ina kuma ba da shawarar a gwada ta. Abin da nake ja da shi shi ne sunan da ake sayar da ita da shi, da kuma yadda ake yi wa kowa kuɗin goro, matashi da tsoho, mai banki a waya da maras shi.

Bari in faɗi abin da nake nufi da rangwaɗa. Idan ka danna alamar WhatsApp, shafin ba ya faɗowa kwatsam. Yana kumbura ne daga inda ka taɓa har ya cika allo. Idan ka koma baya, ya zame gefe. Idan ka ja sanarwa daga sama, ta sauko kamar labule. Duk wannan motsi da gangan aka tsara shi, kuma an yanka masa lokaci. Yawancinsa a Android yana ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. Ko wayarka ta fi ta kowa tsada, sai ta yi wannan tafiyar ta gama, domin umarnin da aka ba ta ke nan. Wato akwai jira iri biyu a waya: jiran da aka ƙirƙira don ido, da jiran da ya zama dole saboda wayar tana fama da aiki. Saitin da mai gyara ya taɓa na farkon kawai yake ragewa.

Wurin da yake a ɓoye yake tun Android 4.2 na shekarar 2012. Ana shiga Settings, a nemi About phone, ko My Phone a wasu wayoyin Tecno da Infinix da itel, a sami layin da aka rubuta Build number, a danna shi sau bakwai a jere. A Samsung layin yana cikin Software information. Wayar za ta nemi lambar buɗe allo, sannan wani sabon sashe mai suna Developer options ya bayyana, galibi a ƙarƙashin System. A ciki, can ƙasa, akwai layuka uku a jere: Window animation scale, Transition animation scale, da Animator duration scale. Kowannensu yana kan 1x, wato tsawon lokacin da kamfani ya tsara. Idan ka mai da shi .5x ka raba lokacin biyu. Idan ka sa 2x ka ninka shi. Akwai har 5x da 10x, akwai kuma Animation off, wanda ke kashe motsin gaba ɗaya.

Na farko yana kula da ƙananan akwatuna da ke ɓullowa su tambaye ka wani abu. Na biyu yana kula da tafiya daga wannan shafi zuwa wancan. Na ukun shi ne mai faɗi, domin yana shafar motsin da ke cikin manhajoji kansu, har da ɗan zoben nan mai juyawa da ke gaya maka cewa ana aiki, ka dakata. A riƙe wannan na ukun, za mu dawo kansa.

To, nawa ake samu? Mu yi lissafi a fili. Idan motsi ɗaya kashi uku cikin goma na daƙiƙa ne, ka raba shi biyu, ka tsira da abin da bai kai kashi biyu cikin goma ba. Mu ƙaddara mai yawan taɓa waya yana buɗewa da rufewa da komawa baya sau 400 a yini. Abin da ya samu duka minti ɗaya ne. Minti ɗaya tak. Wanda ya ce maka wayarka ta ninka gudu, ka tambaye shi a ina.

Amma nan ne dole in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, domin na san abin da za a ce mini. Za a ce ai Yaya ta ji daɗi, kuma jin daɗin ba ƙarya ba ne. Haka ne. Mutum ba ya auna waya da agogo, da yatsa yake auna ta. Wannan ɗan jinkiri tsakanin taɓawa da amsawa shi ne yake taruwa ya zama haushi, kamar mai shagon da kullum sai ya gama gyara hula kafin ya miƙo maka canji. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan. A ƙaramar waya, motsin kansa aiki ne. Allon da aka saba yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato motsi ɗaya yana buƙatar a zana hoto wajen 18 a jere ba tare da tsallake ba. Waya mai rauni takan kasa, sai ka ga shafin yana tafiya yana cijewa. Idan ka raba lokacin biyu, hotunan sun koma tara, cijewar ta ragu, ido ya huta. Wannan riba ce ta gaske, shi ya sa ni kaina nake kan .5x har yau.

Sai dai ribar a nan ta tsaya. Ba ta ƙara wa wayar wurin ajiya, ba ta ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki, ba ta gyara sabis, ba ta sa bidiyo ya sauka da wuri. Manhajar da take ɗaukar daƙiƙa bakwai kafin ta buɗe, za ta koma shida da ɗoriya mai yawa. Masu cewa tana ceton batir kuma, abin da take ceto bai kai a yi maganarsa ba idan aka gwada da hasken allo.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake so kowa ya yi kafin ya ba wani kuɗinsa, kuma da saitin nan ake yin sa. Maimakon ka rage, ka ƙara. Ka sa duka ukun a 5x, ka yi yawo cikin wayar na minti biyu. Motsin da ka saba gani a ƙiftawar ido zai koma daƙiƙa ɗaya da rabi, za ka ga shafi yana tafiya kamar hawainiya. Duk abin da ya ƙara nawa a wannan gwajin, rangwaɗa ce, kuma za ka iya rage ta. Duk jiran da bai canja ba, misali farin allon da kake kallo bayan shafin ya gama buɗewa, ko haruffan da ke fitowa bayan ka riga ka rubuta kalma biyu, wannan ciwon wayar ne na ainihi, kuma .5x ba zai taɓa shi ba. Da ka gama ka mayar, kada ka bar ta a haka wani ya ɗauka aljanu sun shiga.

Yanzu ga abin da ya faru da Yaya, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Kwana biyu bayan gyaran ta zo biyan mai shinkafa. Ta buɗe manhajar bankinta, manhajar ta ƙi, ta rubuto cewa sai an kashe Developer options. Wasu manhajojin banki da na kuɗi haka suke, ba dukansu ba. Dalilinsu shi ne a cikin wannan sashe akwai wata ƙofa mai suna USB debugging, wadda ke ba kwamfuta damar yi wa wayar umarni ta igiya, don haka suna ɗaukar sashen gaba ɗaya a matsayin haɗari. Yaya ba ta san wani Developer ba, ba ta san wa ya buɗe shi ba. Ta ɗauka an shiga asusunta ne. Ta kira ni murya na rawa, "Ka zo yanzu, ina jin sun kwashe."

Ba su kwashe ba. Amma kafin in iso ta gwada wata manhajar kuɗi da ke wayar, wadda ita ba ta damu da saitin ba, a nan kuma matsala ta biyu ta fito. Mai gyara bai tsaya a .5x ba, ya sa duka ukun a Animation off. Ta danna tura kuɗi, zoben jira ya fito ya tsaya cak, ba ya juyawa. A wasu manhajoji haka yake yi idan aka kashe layi na uku, domin juyawar tasa ma motsi ce. Kuɗin yana kan hanya, amma allon ya yi kama da wayar da ta sandare. Ta fita, ta sake shiga, ta fara rubuta adadin karo na biyu. Allah ya sa saƙon tabbaci ya shigo kafin ta sa lambar sirri. Da ta biya buhun shinkafa sau biyu, kuma duk wanda ya taɓa bin sawun kuɗin da ya tura bisa kuskure ya san tafiyar da ke ciki.

Wannan ne ya sa nake cewa ba duk motsi ne ado ba. Wani motsin magana ce. Zoben da ke juyawa yana cewa ina raye, dakata. Shafin da ya zame hagu yana gaya maka inda ya tafi da inda za ka same shi. Idan ka kashe su duka ka sami waya mai saurin amsa wadda ba ta gaya maka halin da take ciki. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: wanda zai shiga Developer options, ya sa .5x, kuma ko zai kashe na farko da na biyu, ya bar Animator duration scale da rai. Ya kuma bar sauran layukan da bai sani ba. Akwai ɗaya a can ƙasa mai suna Don't keep activities, wanda wasu ke kunnawa da sunan ƙara gudu. Abin da yake yi shi ne rushe kowane shafi da zarar ka fita daga cikinsa, sai ka leƙa saƙo don kwafo lamba ka dawo ka tarar abin da ka cike ya goge.

Da na zauna da wayar Yaya, na kashe Developer options don bankin ya buɗe. A wayarta, kamar yadda yake a wayoyi da yawa, kashe sashen yana mayar da layukan uku kan 1x. Wato sidi 50 ɗinta sun tafi a danna ɗaya. Sai na duba ciwon ainihi. Wayar mai giga 32 ce ta ajiya, abin da ya rage bai kai giga ɗaya ba. Waya idan cikinta ya cika haka, komai nata yakan yi nauyi. Na shiga WhatsApp, Settings, Storage and data, Manage storage. Bidiyon bikin aure, na suna, na wa'azi, wani an turo shi a zaure uku ya sauka sau uku. Muka zauna tana cewa wannan a bari, wancan a goge, har muka fitar da wajen giga shida, na kuma hana bidiyo sauka da kansa. Manhajar bankin da na ƙirga tana cin daƙiƙa bakwai ta koma huɗu. Wannan aikin ya ci mana kusan awa ɗaya da 'yar gardama a kan bidiyon auren 'yar maƙwabciya, shi ya sa ba a yin sa a tsaye a bakin rumfa.

Ban ce duk masu gyara haka suke ba. Da yawansu 'yan'uwanmu ne na zango, kuma na ga wanda ya yi wa tsohuwa wannan saitin kyauta ya kuma yi mata bayani. Mutum ya karɓi ladan saninsa ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka ce ka ƙara wa waya gudu alhali ka rage mata ado ne, kuma ka bar mai ita ba ta san ka buɗe wani sashe da zai hana ta taɓa kuɗinta ba. Jumla biyu sun isa: ga abin da na taɓa, ga yadda za ki mayar. Ciniki a addininmu ai ba a ɓoye aibin haja.

Akwai kuma mutanen da saurin ba shi ne bukatarsu ba, kuma su ne aka fi mantawa. Mahaifinmu ya haura saba'in. Wani jikansa, don gwaninta, ya kashe masa motsi gaba ɗaya. Bayan kwana biyu Baba ya kira ni ya ce, "Zo ka duba mini abin nan. Ina taɓawa sai in ga na faɗa wani wuri, ban san ta inda na shiga ba." Ya yi gaskiya. Da can idonsa yana bin shafin yana gani yana tafiya, sai ya gane ya fita daga nan ya shiga can. Da aka kashe, allon ya koma canjawa kamar an ɗauke wuta an kawo. Na gwada masa 2x, ya ce ta cika jan jiki. Muka tsaya a 1.5x, ya ce, "Yauwa, yanzu tana tafiya da hankali." Shi manhajar banki ba ta dame shi ba, kuɗin waya da lambar tauraro yake bugawa, wannan kuwa ba ruwanta da Developer options.

Sai dai kada a ɗauka jan motsi shi ne maganin kowa mai neman natsuwa. Akwai waɗanda motsin kansa ke sa su jiri ko tashin zuciya, musamman wannan kumburi da tsukewar da shafi ke yi. Ga irinsu, tsawaita motsi ƙara ciwo ne, domin idon zai daɗe yana bin abin da ke juya shi. Abin da ya dace da su shi ne a cire. Ba sabon abu ba ne: lokacin da Apple ya fito da iOS 7 a 2013, mutane sun yi ƙorafin jiri, kuma saitin Reduce Motion shi ne amsar wannan. Yana cikin Settings, Accessibility, Motion, yana mayar da kumburin ya zama hoto ɗaya na narkewa cikin wani. Mai iPhone ba shi da .5x ko 2x, wannan ɗin ne abin da yake da shi. A Android kuma akwai Remove animations a cikin Accessibility, ba sai an buɗe Developer options ba, don haka banki ba zai yi fushi ba. Sunan da wurin suna ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta animation a akwatin bincike na Settings. Amma shi ma kashewa yake yi gaba ɗaya, don haka wanda ya kunna shi ya san zoben jira zai iya tsayawa, kada ya tura kuɗi sau biyu.

Duk wannan ya kawo ni ga ƙorafina na ƙarshe, wanda ba na mai gyara ba ne, na masu ƙera wayoyin ne. Me ya sa abin da ya shafi idon tsoho da haƙurin mai sana'a zai kasance a ɓoye bayan danna bakwai, a ɗaki ɗaya da saitunan da aka yi don masu rubuta manhaja? Girman rubutu yana fili, hasken allo yana fili. A fili an ba mu zaɓi biyu ne kawai, ko a bar motsi yadda yake ko a kashe shi ƙurmus, alhali abin da yawancinmu ke so yana tsakiya. Wasu wayoyin Xiaomi sun sa zaɓin saurin motsi a saitin fuskar gida, wanda ya nuna abin ba gagara ya yi ba. Kamfanonin da suka cika kasuwanninmu da ƙananan wayoyi, waɗanda su ne suka fi cijewa, su suka fi cancanta su fara.

Yaya dai tana kan 1x, banki yana buɗewa, zoben yana juyawa. Ta ce in raka ta wurin mai gyaran ta karɓo kuɗinta, na ce kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu zai cinye rabinsu. Ta yi tsaki ta ce to a bar shi da Allah, amma ranar Juma'a in zo da wuri, akwai sauran bidiyo da ta yarda a goge.